Samosa ta yi ja a waje, ciki da ƙanƙara: ina aka kuskure?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, tun jiya raina a ɓace yake. Na karɓi aikin samosa 150 da sifirin rol 100 na walimar sauka. Na naɗe su tun ranar Laraba na sa a firiza, ranar Asabar da safe na fito da su na soya. A ido sun yi kyau, sun yi ja. Bayan an kai, matar da ta ba ni aikin ta kira ta ce wasu da aka gutsura naman ciki da sanyi, har wata baƙuwa ta ce ta ji ƙanƙara a haƙorinta. Sannan ta ƙara da cewa ita irin mai ƙuraje-ƙuraje a jiki take so, wadda ake ci tana ƙaras-ƙaras, tawa kuwa sumul ta fito. Wallahi na ji kunya. Ina da wani aikin mako mai zuwa. Yaya zafin mai ya kamata ya kasance, kuma minti nawa?

Ummi Zariya: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanif. Ni dai in mai ya fallatsar min a hannu ya yi bororo, ruwan sanyi nake sakar wa wurin ya daɗe yana zuba, kuma ba na fasa shi.

Maman Hanif: Ummi ba hannuna ba, jikin samosar nake nufi. Ƙurajen da ke tasowa a ɓawonta in ta shiga mai.

Ummi Zariya: Au, yi haƙuri, da sauri na karanta. To ai ni na ɗauka ƙurajen nan aibi ne. Wadda ta koya min ta ce in samosa ta yi ƙuraje man ya yi zafi da yawa.

Anti Rabi: Maganar Ummi gaskiya ce. Samosa a wuta kaɗan ake soya ta. Ki sa ta tun man yana ɗumi-ɗumi, ki bar ta ta yi minti 12 zuwa 15 tana soyuwa a hankali. Haka ciki zai yi zafi, ba za ki sake jin maganar ƙanƙara ba. Gaggawa ce ta cuce ki.

Hajiya Laure: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, kafin kowa ya ba ki lamba, amsa min abu uku. Da me kika yi fallen naɗin? Nawa kike zubawa a mai lokaci guda, kuma man ya kai lita nawa? Sannan daga firiza kai tsaye kika jefa su, ko kin bari sun huce?

Maman Hanif: Hajiya ina wuni. Fallen irin na ruwa-ruwa ne, wanda ake dama fulawa a shafa da buroshi a kaskon da ba ya kamu, a ɗaga in ya bushe. Man kamar lita 1 da rabi ne a tukunya. Ina zuba 15, wani lokaci har 18, don lokaci ya ƙure min. Kai tsaye daga firiza. Da na ga man ya yi sanyi sai na ƙure gas ɗin.

Hajiya Laure: Lafiya lau ƙanwata. To kin ba da amsar da kanki. Matsala biyu ce daban-daban, kada ki haɗa su.

Mu fara da ƙurajen. Abin da ke tayar da su ruwan da ke cikin kwaɓin ne. In ɗanyen kwaɓi mai danshi ya faɗa mai mai zafi sosai, ruwan ya zama tururi nan take, ya tura fatar waje ta kumbura, sai zafin ya busar da kumburin ya tsaya a haka. Duk wannan a cikin daƙiƙa 30 zuwa 40 na farko yake faruwa. In lokacin ya wuce fatar ta riga ta ƙame sumul, ko kin ƙara wuta daga baya ba za su taso ba. Fallen da kika yi kuwa ya riga ya dahu a kasko, ruwansa ya tafi, ga shi siriri kamar takarda. Ba shi da abin da zai kumbura da shi. Irinsa sumul yake fita, haka ma fallen sifirin rol na kanti da ake sayarwa a leda. Ba laifin hannunki ba ne, halinsa ke nan. In mai aiki ta ce ƙuraje take so, sai kin yi da murzajjen kwaɓi.

Sanyin ciki kuma daga tukunya ne. Samosa 18 masu ƙanƙara a lita 1 da rabi, tamkar kin juye ƙanƙara ce a man. Zafin ya faɗi ƙasa warwas, suna zaune suna shan mai. Da kika ƙure wuta, man ya dawo ya wuce misali, siririn fallen nan ya yi ja cikin minti 2, ke kuma kika ga ja kika kwashe. Zafi bai samu lokacin ratsawa tsakiya ba. Sai ƙanƙarar ciki ta narke tukuna naman zai fara ɗumi, kuma ƙarin wuta ba ya hanzarta wannan yadda yake hanzarta ƙonewar waje.

Anti Rabi: To ai abin da na faɗa ke nan Hajiya. A rage wuta.

Hajiya Laure: Rabi, kin yi daidai a rabi. Suyar da kika kwatanta ta samosar Indiyawa ce, mai kaurin ɓawo, wadda ake murje fulawa da mai sosai a kwaɓa ta da tauri, a cika ta da dankalin turawa. Ita kam a mai mai sanyin zafi ake fara ta, wajen digiri 140 zuwa 150, ta daɗe, kuma da gangan suke haka don kada ta yi ƙuraje. Su a wurinsu sumul ɗin ne gwaninta, shi ya sa malamar Ummi ba ta yi ƙarya ba. Amma ki ɗauki tamu ƙarama mai siririn falle ki bar ta minti 15 a mai mai ɗumi, za ki kwashe ta tana ɗigar mai, in ta huce ta yi kamar fata. Kuma matar nan ƙuraje ta nema, hanyarki ita ce ke hana su.

Anti Rabi: Ni dai shekara 8 ina yi haka a gidana ba wanda ya taɓa ajiye min ita a faranti. Amma na yarda kwaɓina da kauri yake.

Malam Sani Mai Girki: Salamu alaikum. Na yi shekaru a kicin ɗin wani otal a Kaduna, nan ne aikina kullum, bari in sa baki. Lambar da muke bi ita ce mai ya kai digiri 180 kafin a zuba. Da an zuba zai sauka zuwa 165 ko 170, a nan ake so ya zauna. Samosar da aka naɗe yanzu, haɗinta dafaffe ne kuma ba sanyin firij, minti 3 zuwa 4 ya ishe ta, ana juyawa. Sifirin rol mai kaurin babban yatsa minti 4 zuwa 5. Mai ƙanƙara kuwa ba ta yin ƙasa da minti 6, wani lokaci 7 ko 8 in ta cika ciki, kuma kada man ya wuce 170 a tsawon lokacin, in ba haka ba waje zai riga ciki. A lita 1 da rabi ni ba zan sa fiye da 6 masu ƙanƙara ba. Bayan kowace kwasa a jira man ya koma 180 kafin a sake zubawa. Wannan jiran na minti 1 ko 2 shi mutane ba sa yi.

Maman Hanif: Malam Sani na gode. Amma 6-6 har 250? Ai sai in wuni a kan tukunya.

Malam Sani Mai Girki: Lissafa mana Maman Hanif. 250 a raba 6, zubi 42 ne. Kowane zubi da jiransa minti 8, kin ga ya haura awa 5 da rabi. Shi ya sa mai aiki irin wannan ba ta soyawa a lita 1 da rabi. Ki samu tukunya mai faɗi da kaurin gindi, ki zuba lita 4, zurfin man ya kai tsawon yatsa, amma kada ya wuce rabin tukunyar saboda tashin kumfa. A nan za ki iya zuba 15 zafin bai karye ba. Ko ki ɗora biyu. Man da kike ganin kin yi tattalinsa, samosar ce take shanye shi in ya huce.

Zainabu Maraɗi: Mu nan ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, kuma da yawa a gawayi muke suya. Yaya mutum zai gane 180 ɗin nan da ido?

Hajiya Laure: Zainabu, ki gutsuri kwaɓin kamar ƙwayar gyaɗa ki jefa. In ya nutse ya kwanta a ƙasa yana ƙananan kumfa a kasalance, man bai yi ba. In ya ɗan nutse ya taso cikin daƙiƙa 2 ko 3 kumfa ta kewaye shi, kin iso wurin. In bai nutse ba sam, ya yi ja kafin ki ƙirga 20, ya wuce, ki sauke ya sarara. Hayaƙi kuwa in ya fara tashi kin yi nisa da wucewa. A gawayi ki tara garwashin gefe guda, ki bar ɗaya gefen da kaɗan. Ki zuba samosar tukunya tana kan mai yawan, in ƙurajen sun taso kumfa ta fara lafawa sai ki ja ta gefen mai sauƙi ta ƙarasa.

Kuma ki lura da man. Man ƙuli na gida yana da ƙamshi, amma yana saurin hayaƙi da kumfa tun bai kai zafin da muke magana ba. Tataccen mai na jarka ya fi jure wannan suyar. Wanda aka soya kifi ko kaza a ciki ya yi duhu shi ma yana rina ɓawo da wuri, ki ɗauka ta soyu alhali da saura.

Zainabu Maraɗi: Madalla, Allah ya ƙara sani. Ni man ƙuli nake amfani da shi, in na tafasa shi da albasa tukuna kumfar tana raguwa. Zan dai gwada na jarka in ga bambanci.

Maman Hanif: Hajiya to kwaɓin ƙurajen fa, yaya ake yi?

Hajiya Laure: Yadda nake nawa: fulawa kofi 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, mai babban cokali 2, ruwa rabin kofi da ɗan ƙari, ina zubawa kaɗan-kaɗan har ya haɗe ya yi laushi ba ya kama hannu. Kada ki cika mai a ciki, yawan mai yana sa ɓawo ya yi rugu-rugu irin na cincin maimakon ya kumbura. Kada ki sa sukari, yana sa ja da wuri. Ki rufe ya huta minti 30, in ba haka ba kina murzawa yana komawa. Ki murza shi siriri har ki fara hango inuwar yatsunki ta bayansa.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ki naɗe da ɗanyensa haka, shi ne mai manyan ƙuraje. Ko ki bi hanyar da aka saba, ki shafa mai da barbaɗen fulawa tsakanin falle 4 ko 5, ki jera ki murza tare, ki ɗora a kasko ki ɓare su ɗaya-ɗaya. In wannan za ki yi, kada ki gasa shi ya dahu. Ɗumi kawai zai ji, daidai yadda zai ɓaru, kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe a wuta kaɗan. Ki rufe da tsumma mai ɗan danshi nan da nan. Wannan yana ba da ƙananan ƙuraje masu yawa, kuma ya fi sauƙin naɗi. In ya yi ɗigo-ɗigon ja a kasko, kin kashe ƙurajen tun kafin su ga mai.

Fati Gwammaja: Ni ina sa bakin foda rabin ƙaramin cokali a kofi 2, ƙurajen sun fi tashi. Wata kuma ta ce min ruwan khal take ɗigawa.

Malam Sani Mai Girki: Bakin foda yana ƙara kumfa a kwaɓi, gaskiya ne, amma a ganina ɓawon ya fi shan mai kuma ya fi saurin yin laushi in ya huce. Mu ba ma sawa.

Fati Gwammaja: Nawa bai taɓa laushi ba Malam, sai dai in an rufe shi a kula.

Hajiya Laure: Wannan kowa ya gwada a kicin ɗinsa. Ni ba na sawa, amma na ci na masu sawa ya yi daɗi. Maganar kula dai Fati ta taɓo babban abu, zan dawo kanta.

Maman Hanif, ga abin da zai fitar da ke a aikin mako mai zuwa. Ƙuraje suna son ɗanyen kwaɓi da mai mai zafi a farko, cikin da ya daskare kuma yana son lokaci a zafi matsakaici. Maimakon ki nemi duka biyun a suya ɗaya ranar biki kina sauri, raba su. Ranar da kika naɗe, ki ɗora mai ya kai 180, ki tsoma su minti 1 zuwa 1 da rabi kawai. Ƙurajen za su taso su ƙame, launin yana nan fari-fari bai yi ja ba. Ki kwashe ki baza a kwando ko raga su huce sarai, ki jera a tire ba tare da sun taɓa juna ba ki sa a firiza, in sun daskare ki juye a leda. Kada su wuce awa 2 a waje kafin su shiga sanyi, nama ne a ciki. Ranar biki ki fito da su kai tsaye zuwa mai na 165 zuwa 170, minti 5 zuwa 6. Tunda ba ƙuraje kike nema yanzu ba, ba ruwanki da ƙure wuta.

Anti Rabi: Ni abin da ban gane ba, me zai hana ta fito da su tun dare su narke? In ba ƙanƙara ai ba maganar sanyin ciki.

Malam Sani Mai Girki: In ɗanyar samosa ta narke, ruwan yana jiƙa fallen, su manne da juna, bakin ya buɗe a mai, haɗin ya zube ya ƙone ya ɓata man gaba ɗaya. Na ga an yi asarar tire guda a haka.

Hajiya Laure: Ɗanya kam ban yarda a narkar ba. Amma wadda aka yi wa rabin suya, na sha sauko da ita daga firiza zuwa firij tun dare, a jere a tire, da safe minti 3 zuwa 4 ta yi. A firij fa, ba a kan tebur ba.

Malam Sani Mai Girki: Hajiya da girmanki, ni ko wannan ba na yi. Ɓawon ba ya kai na wadda ta fito daga ƙanƙara kai tsaye ƙarfi.

Hajiya Laure: To Malam, kai kana da wutar otal da ba ta ɗaukewa da tukunyar da ke riƙe zafi da kanta. Mu a gida wani lokaci dabara ce. Amma tunda an zo maganar wuta: in an ɗauke ta kwana guda samosa ta narke ta yi laushi a firiza, har ta daina sanyi a hannu, kada a sake daskarar da ita a kai wa mutane. Suya ba ta gyara naman da ya riga ya lalace.

Ummi Zariya: Ni tawa matsalar sifirin rol ce. Yana fita da kyau, bayan minti 10 ya yi laɓo-laɓo, ciki kuma ruwa.

Fati Gwammaja: Kabejinki ne Ummi. Ki soya kabeji da karas a wuta mai ƙarfi minti 2 ko 3 kawai, ki juye a matsami ruwan ya tsane, ki bari ya huce gaba ɗaya kafin ki naɗe. In kin naɗe da zafinsa tururin yana jiƙa fallen tun kafin suya. Kuma ki matse naɗin, in da iska a ciki mai yake shiga ya zauna.

Hajiya Laure: Haka ne. Kuma naman samosa ma a soya shi ya dahu ya tsane tun a tukunya, kada a dogara da suyar minti 4 ta dafa ɗanyen nama. Babban cokali 1 ya isa ƙaramar samosa. In kin tula ta yi ƙatuwar tsakiya kamar ƙwai, lokutan da Malam Sani ya bayar ba za su yi aiki ba.

Yadda za ki tabbatar kuwa, zubin farko ki sadaukar da guda ɗaya, ki zaɓi wadda ta fi ƙiba. Ki bar ta minti 2 bayan kwashewa, domin zafin ɓawo yana ci gaba da shiga ciki, sannan ki raba ta biyu. Tururi ya tashi daga tsakiya, ki taɓa naman ki ji ba ki iya barin yatsa a kai. Mai ma'auni ta soka a tsakiya ta ga 75. In bai kai ba, ki ƙara minti 1 ki ɗan rage wuta, ki sake gwadawa a zubi na biyu. Ki duba agogo ki riƙe wannan lokacin har ki gama, kada ki bi launi.

Kula kuma: kada ki kwashe daga mai ki zuba a kula ki rufe. Tururin da ke fita shi zai koma ya kwantar da ƙurajen da kika sha wahala a kansu. Ki tsayar da su a kwando su tsane su sha iska minti 5, sannan ki jera a kwali ko tire, ki bar kafar da tururi zai fita. In kina da oben ki ajiye su a kan raga a digiri 100 har lokacin tafiya.

Maman Hanif: 'Yan uwa na dawo da rahoto. Jiya na yi gwaji da 24, murzajjen kwaɓi mai ɗumin kasko. Na ari ma'auni wurin maƙwabciyata. Rabin suya a 180, minti 1 da daƙiƙa 15, ƙurajen sun fito ƙanana-ƙanana ko'ina, har na kira yara su gani. Yau na soya daga firiza, 6-6. Zubin farko minti 5 na soka na ga 61, na mayar. A minti 6 da rabi ya ba ni 78, ɓawon bai ƙone ba. Abu ɗaya ne ya dame ni: kusurwoyin da na manne da kwaɓin fulawa sun yi tauri, inda fallen ya ninku sau uku kuma ciki-ciki kamar bai gama soyuwa ba, ya yi fari yana danƙo.

Malam Sani Mai Girki: Fallen ya yi kauri ko kwaɓin mannewar ya yi yawa. Ki ƙara murzawa, ki rage tsawon zirin don kada ya zagaya fiye da yadda ake buƙata, kwaɓin mannewar kuma shafawa ɗaya da ɗan yatsa.

Hajiya Laure: Yana iya zama haka, yana kuma iya zama rabin suyar ce ta yi gajarta ga kaurin naki. Gwada 6 da minti 1 da rabi, 6 kuma da fallen da ya fi siriri a lokacin da kika yi jiya, ki sa musu alama a leda daban. Ki faɗa mana wanne ya gyaru kafin ki kwaɓa na mutane.

Maman Hanif: To Hajiya, in sha Allahu gobe bayan azahar zan yi. Sifirin rol ɗin kuma na kira matar na gaya mata shi sumul yake fita in da fallen kasko ne, ta ce a bar shi haka, samosar ce dai take so da ƙuraje.